Yadda ake duba alamun tarin tibi a hoton ƙirji, da dalilin da ya sa sai an yi gwajin majina

Kusan kullum sai wani ya shigo mana asibiti da ambulan ɗin hoto a hammata, ya zaro ya miƙo yana cewa an ce masa tibi ne, a ba shi magani kawai ya tafi. Idan ka ce masa sai ya kawo majina an gwada sai ka ga ransa ya ɓaci, wai ga hoto ya biya kuɗi an ɗauka, me kuma ake nema, ai gani ya kori ji. To a nan dai gani bai kori gwaji ba, kuma zan bi da ku yadda muke duba hoton nan tun daga ɗaga shi sama har zuwa inda iyakarsa take, domin ƙananan ma'aikatan lafiya da ɗalibai da ma masu jinyar ɗan'uwa su san abin da ake nema a ciki.

Hoton ƙirji inuwa ce kawai. Hasken na'urar X-ray yana ratsa jiki ya faɗa kan fim, inda iska take sai ya wuce salin alin wurin ya fito baƙi, inda ƙashi yake ko ruwa ko tsoka mai kauri sai ya tare shi wurin ya fito fari. Shi ya sa lafiyayyen huhu baƙi-baƙi yake fitowa da ɗan zane-zanen jijiyoyin jini kamar saiwar bishiya, zuciya da haƙarƙari kuma farare. Duk abin da za a ce maka na tibi a hoto, fari ne ya fito inda ya kamata a ga baƙi, ko kuma baƙi ya fito a tsakiyar fari. Ƙwayar cutar kanta ba ta fitowa, sai dai ɓarnar da ta yi.

Kafin ka nemi cuta, fara duba hoton kansa

Wannan matakin shi ne mutane suke tsallakewa kuma shi ne yake jawo kuskure da yawa. Fara da suna da kwanan wata, ka tabbata hoton na mai shi ne kuma na kwanan nan ne, don na taɓa ganin wanda ya ɗauko hoton yayansa na bara bisa kuskure tunda duk a ƙarƙashin katifa ɗaya ake ajiyewa. Sai ka nemi harafin R ko L a gefe. Hoton ana kallonsa ne kamar mutumin yana tsaye a gabanka yana fuskantarka, wato damarsa tana hagunka, zuciya kuma ta karkata ɓangaren hagunsa wanda yake hannun damarka.

Sannan ka duba ko a tsaye aka ɗauka, ƙirji manne da allo hasken ya shigo ta baya, shi ake rubuta wa PA kuma shi ne daidai. Idan mara lafiya ya galabaita aka ɗauka yana kwance ko zaune hasken ya shigo ta gaba, za ka ga an rubuta AP, a irin wannan zuciya tana fitowa ƙatuwa, tsakiyar ƙirji ya yi faɗi, sai wanda bai sani ba ya ce kaluluwa ce ta kumbura alhali yadda aka ɗauka ne.

Abu na gaba numfashi. Ai mai ɗaukar hoto cewa yake ja numfashi ka riƙe, to idan mutum bai ja sosai ba huhun yana tattarewa ya yi dishi-dishi a ƙasa kamar akwai ciwo. Ƙirga haƙarƙari, idan ka samu kamar shida ta gaba ko tara zuwa goma ta baya a saman tantanin da ya raba ƙirji da ciki to ya ja yadda ya kamata. Sai karkacewa: duba kan ƙasusuwan wuya guda biyu da suka zo tsakiya, nisan kowanne da tsinin ƙashin baya ya zama ɗaya, in ɗaya ya fi matsowa to mutumin ya juya jiki kuma ɓangare ɗaya zai fi ɗaya fari ba gaira ba dalili. Hoton da ya ƙone ya yi baƙi ƙirin yana ɓoye ƙananan tabo, wanda ya yi fari fat kuma komai sai ya zama kamar cuta. In hoton bai yi ba, a sake ɗauka ya fi a zauna ana duba a kansa kamar boka. Kuma don Allah a daina ɗaukar fim da waya a jikin taga, ana ganin ƙarfen taga da bishiyar darbejiya ta baya, a turo a ce likita duba min.

Saman huhu, inda tibin manya yake zama

In hoton ya yi kyau, kai idonka can sama, bayan ƙashin wuya da ɗan ƙasa da shi. Tibin manya ya fi son saman huhu da ta bayansa, sai kuma can saman ɓangaren huhu na ƙasa. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne iska ta fi wadata a wurin kuma ruwan jiki ba ya wanke shi sosai kamar ƙasa, ƙwayar kuma mai son iska ce. Yadda nake yi shi ne in kwatanta dama da hagu hawa-hawa, in dubi tsakanin haƙarƙari na farko da na biyu a dama in dubi takwaransa a hagu, haka har ƙasa. Wani lokacin sai na sa tafin hannu na rufe ɓangare ɗaya sannan na buɗe, ido ya fi saurin kama bambanci haka.

Abin da za ka fara gani shi ne fari-fari kamar gajimare ko auduga da aka yayyaga, ba shi da iyaka tsararriya, ya cakuɗe da baƙin huhu. Wannan shi kaɗai ba ya cewa tibi, nimoniya ma haka take yi, amma in yana sama kuma mutumin ya yi sati biyu ko fiye yana tari da zazzaɓin yamma da gumin dare da rama, to zargi ya yi ƙarfi. Wurin yana da wuyar gani saboda ƙashin wuya da haƙarƙari na farko sun haɗu sun yi cunkoso a nan, ƙaramin ciwo yana iya laɓewa a bayansu, shi ya sa wani lokaci likita kan ce a sake ɗauka mutum ya ɗan jingina baya don ƙashin wuyan ya ɗaga sama ya ba da wuri.

Kogo

Wannan ita ce alamar da kowa ya sani, kuma ita ce ta fi cancanta a tsaya a kanta. Abin da yake faruwa shi ne jiki yana kewaye ƙwayoyin cutar yana yaƙarsu, tsakiyar wurin sai ya mutu ya yi laushi kamar cuku, da ya samu hanya ya ɓulle cikin bututun iska sai mutum ya yi tari ya fitar da shi, wurin ya zama rami iska ta cika shi. A hoto sai ka ga zobe fari da baƙi a tsakiya. Bangon zoben yakan yi kauri, cikinsa ba sumul ba, kuma yawanci akwai wancan gajimaren kewaye da shi. Wani kamar bakin kwalba, wani kamar ƙwan kaza, wani ma ya fi, wani lokacin biyu ko uku a jere.

Yadda za ka tabbatar kogo ne na gaske: bi bangon da ɗan yatsa ko bayan biro, ya zagaye ya dawo inda ya fara? Sannan dubi cikin baƙin, kogo na gaske ba ka ganin zanen jijiyoyinsa sosai a ciki kamar sauran huhu. Sau da yawa gefen haƙarƙari da wata jijiya da bakin allon kafaɗa sukan haɗu su zana abu kamar da'ira, sabon ma'aikaci ya yi ta murna ya gano kogo, amma in ka bi layin sai ka ga kowane yanki na wani abu ne daban kuma ya wuce ya yi gaba abinsa. Ni ma na sha yin wannan kuskuren a farkon aiki.

Kogo yana gaya mana abu biyu masu amfani. Na ɗaya, in dai tibi ne to ƙwayoyin suna da yawan gaske a ciki kuma ramin a buɗe yake zuwa bututun iska, kenan wannan mutumin yana cikin waɗanda suka fi yaɗa cutar, mutanen ɗakinsa duk sai an duba su. Na biyu, gwajin majinarsa ya kamata ya nuna cutar cikin sauƙi. Riƙe wannan da kyau: mutum da ƙaton kogo, an gwada majina mai kyau sau biyu ba a ga komai ba, to ka fara tunanin ko ba tibi ba ne, kar ka ce injin gwajin ne ya yi ƙarya. Sannan kar a ɗauka sai da kogo ake tibi, masu tibin huhu da yawa ba su da shi sam.

Ƙasa da kogon kuma sau da yawa za ka ga ƙananan ɗige-ɗige sun bazu, har a ɗaya huhun, wannan abin da ke cikin ramin ne ya bi bututun iska ya zuba wasu wurare, kuma yana nuna cutar tana kan aiki.

Kaluluwa

Kowa ya san kaluluwar da ke fitowa a hammata ko matsematsi in ka ji ciwo a hannu ko ƙafa. To irinsu suna nan a cikin ƙirji, a gindin kowane huhu inda manyan bututun iska da jijiyoyin jini suke shiga, da kuma gefen maƙogwaro. Lokacin da ƙwayar tibi ta fara shiga jikin mutum takan yi ɗan ƙaramin ciwo a huhu, daga nan ta bi ta sauka a kaluluwar gindin huhun ta kumbura. Shi ya sa wannan ita ce babbar alamar tibin yara ƙanana, su ba kasafai suke yin kogo ba, haka kuma masu cutar ƙanjamau da garkuwar jikinsu ta yi ƙasa sosai.

A hoto, dubi gefen zuciya ta sama dama da hagu. Gindin huhu mai lafiya yana da ɗan loɓawa a gefensa kamar bakin ƙwarya, na hagu kuma ya ɗan fi na dama hawa sama. In kaluluwa ta kumbura loɓawar tana cikewa ta turo waje, wurin ya yi fari sosai ya yi ƙullutu-ƙullutu kamar dankali a buhu. A tibi yawanci ɓangare ɗaya ne kuma dama ta fi yawa, har da gefen maƙogwaro na dama. A yara ka bi baƙin layin maƙogwaro da rassansa biyu, in ka ga wani wuri ya matse ko an ture shi gefe to akwai abin da ke danna shi, kuma wannan alamar ta fi ƙullutun kansa tabbas. Hoto na gefe yana taimakawa ƙwarai a yara, a nan kaluluwar kan zagaye bututun iska ta yi zobe kamar gammo.

Gaskiya a nan ne aka fi samun saɓani, ƙwararru biyu ma sai su kalli hoton yaro ɗaya wannan ya ce akwai wancan ya ce babu. Yaro yana kuka yana mutsu-mutsu an danne shi an ɗauka a karkace, jijiyoyin jini sun taru, ga kuma wata tsoka da jarirai suke da ita a saman zuciya wadda take fitowa fara da faɗi kuma lafiya ce ƙalau, tana raguwa da kanta in yaro ya girma. Yara nawa aka ce suna da tibi saboda ita, Allah kaɗai ya sani. A babba kuma, kaluluwa a ɓangare biyu manya-manya tana iya zama sankarar kaluluwa ko wata cutar daban, kuma wata shidan da za a ɓata ana ba shi maganin tibi ba ƙaramin asara ba ne ga mai sankara.

Sauran alamu a taƙaice

Akwai ruwa a ƙirji: kusurwar da ke can ƙasa tsakanin haƙarƙari da tantanin ciki ya kamata ta zama mai tsini, in ta cike ta yi fari kuma saman farin ya lanƙwasa ya hau ta gefe to ruwa ne, kuma sai ya kai kamar mililita 200 kafin a gan shi a hoton gaba. Saurayi ko budurwa da ruwa a ɓangare ɗaya, tibi na sahun gaba a zargi, amma sai an zuƙo ruwan an duba, ciwon zuciya da na ƙoda da sankara duk suna tara ruwa.

Akwai kuma wanda ake kira tibi mai kamar gero, sunan ma a likitance daga ƙwayar gero aka samo shi. Ɗige-ɗige ne ƙanana, milimita 1 zuwa 3, duk girmansu ɗaya, sun bazu ko'ina a huhu biyun daga sama har ƙasa kamar an watsa gero a tabarma. Wannan cutar ta bi jini ne, tana iya zuwa har ƙwaƙwalwa, ba a jira da shi, a ranar ake kai mutum wurin likita. Sai ka matso da fim ɗin kusa da haske sosai kafin ka gan su, daga nesa hoton kamar ƙura ce kawai ta hau.

Sai tsohon tabo: zare-zare farare masu kaifi a sama, huhun ya tsuke, gindin huhu ya ja sama, maƙogwaro ya karkata zuwa wajen, ko ɗan dutse fari tas kamar ƙashi. Wannan sawun tibin da ya wuce ne. Amma daga hoto ɗaya ba wanda zai rantse maka cewa babu mai rai a cikin tabon, shi ya sa muke naci mutum ya zo da tsohon hotonsa a jera su.

To me ya sa hoton bai isa ba

Kama da wane ba ta wane. Kogo dai ƙurjin huhu yana yinsa, shi yawanci za ka ga ruwa kwance a ciki da layi a miƙe kuma majinar tana wari. Wasu ƙwayoyin nimoniya suna yinsa. Sankarar huhu tana yinsa, musamman dattijo mai shan taba da kogo mai bango mai kauri ƙwarai. Wanda ya warke daga tibi kogonsa yana iya zama har ƙarshen rayuwa, wani lokacin naman gwari ya shiga ya dunƙule a ciki kamar ƙwallo, mutum ya riƙa tarin jini, a yi ta maimaita masa maganin tibi alhali ba shi yake buƙata ba. Masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai ƙurar dutse tana yi musu ɗige-ɗige a saman huhu sak na tibi, kuma abin takaici su ɗin sun fi saurin kamuwa da tibin na gaske, sai a rasa wanne ne wanne in ba gwaji.

Ta ɗaya gefen kuma, hoto yana iya fitowa tas alhali mutum yana da tibi, musamman mai ƙanjamau da garkuwarsa ta faɗi, domin kogo da gajimaren nan ai faɗan jiki da cutar ne yake samar da su, in jikin ba ya iya faɗan ba za a ga fagen fama ba. Mai ciwon suga kuma nasa yana iya fitowa a ƙasan huhu inda ba a zata.

Babban abin da hoto ba zai taɓa faɗa ba shi ne ko ƙwayar tana jin magani. Kogon tibi mai jin magani da na wanda ya bijire wa magani kamarsu ɗaya.

Gwajin da za a yi da yadda ake ba da majina

Gwaji na farko yanzu shi ne GeneXpert, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a ƙarshen 2010. Yana neman ƙwayar halittar cutar a cikin majina, injin yana gama aikinsa cikin kamar awa biyu, sai dai in an tura samfurin wani gari a jira kwana biyu uku. Abu biyu yake faɗa lokaci guda, akwai cutar ko babu, sannan tana jin rifamfisin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tibi, ko ba ta ji. A takardar za ka ga `MTB DETECTED` wato an gani, ko `MTB NOT DETECTED` ba a gani ba, a ƙasa kuma `RIF Resistance NOT DETECTED` wato maganin yau da kullum zai yi, in kuwa `RIF Resistance DETECTED` ne to hanya ta canza gaba ɗaya, wasu magunguna ne daban a ƙarƙashin kulawa ta musamman. A Najeriya gwajin da maganin duk kyauta ne a cibiyoyin tibi na gwamnati, ana kuma iya kiran 3340 a tambayi mafi kusa.

Tsohon gwajin madubin likita har yanzu yana aiki, amma sai ƙwayoyin sun kai dubu biyar zuwa goma a mililita ɗaya kafin a gan su, kenan in bai nuna ba ba shi ne babu ba. Amfaninsa yanzu ya fi yawa wajen bibiya, a ƙarshen wata na 2 da na 5 da na 6 na shan magani. Ba a bibiya da GeneXpert saboda yana iya ci gaba da ganin gawar ƙwayoyin bayan sun mutu. Akwai kuma shuka majina a jira ƙwayar ta tsiro, shi ne ya fi tabbas amma yana cin makonni.

Duk wannan ya dogara ne a kan abin da aka tofa a robar. Mutum ya kurkure baki da ruwa zalla, ya fita waje inda iska ke kaɗawa ba cikin banɗaki ko ɗakin jira ba, ya ja dogon numfashi ya riƙe ya saki kamar sau uku, sannan ya yi tari daga can cikin ƙirji ya tofa mai kauri kamar cikin ƙaramin cokali, ya rufe gam. Yawu ba majina ba ne, na bayan hanci ma ba shi ba ne. Na sassafe da an tashi daga barci ya fi kyau. Yara ƙanana ba sa iya tofarwa, haɗiyewa suke, shi ya sa yanzu ake gwada kashinsu a injin ɗin, ko a sa siririyar roba ta hanci a zuƙo ruwan ciki da safe kafin su ci komai. Kuma duk wanda ake zargi da tibi a yi masa gwajin ƙanjamau, in da hali har da suga.

Wani tela da 'yarsa

Wani tela ɗan shekara talatin da 'yan kai ya zo mana, wata biyu yana tari, wandonsa ya yi masa yawa har ya ƙara huda bel. Hotonsa ya yi kyau, a tsaye, ya ja numfashi. A dama can sama ƙarƙashin ƙashin wuya ga kogo kamar santimita uku da bango mai kauri da gajimare kewaye, ga ɗige-ɗige a tsakiyar huhun hagu, kusurwoyin ƙasa a buɗe ba ruwa. Duk wanda ya gani zai ce tibi, ni ma haka na ce a raina. Amma gwajin farko ya dawo ba a gani ba.

Na ce masa malam, me ka tofa a robar nan? Ya ce wallahi likita abin da ya zo bakina, kunya nake ji mutane na kallona. Na tambayi mai lab ya ce kumfa ce kawai kamar ruwa. Na sake tambayarsa me ya sha kafin ya zo, sai ya zaro kwalin lebofulokzasin daga aljihu, wai wani mai kemis ne ya ba shi na kwana goma kuma har ya ji sauƙi. Wannan maganin da danginsa irin su sifiro suna taɓa ƙwayar tibi, su rage ta na ɗan lokaci mutum ya ji dama-dama a yi zaton an warke, a ɓata lokaci, kuma shi lebofulokzasin yana cikin waɗanda ake ajiyewa don tibi mai bijirewa, saboda haka ba a ba mai dogon tari su kafin a gwada shi. Muka ce ya daina, muka koya masa yadda ake yi, ya kawo na asuba mai kauri ruwan ɗorawa. Wannan karon an gani, kuma yana jin rifamfisin. Ƙanjamau babu, amma sugansa ya hau sosai bai ma san yana da shi ba, sai aka haɗa shi da asibitin masu suga tunda in suga bai daidaita ba tibi yana jan ƙafa wajen warkewa.

Aka fara masa magani na wata shida, wata biyu na farko magunguna huɗu a haɗe cikin ƙwaya ɗaya, wata huɗu na baya guda biyu, yawan ƙwayoyin bisa nauyinsa. Na gaya masa fitsarinsa zai yi ja-ja kamar lemo kar ya tsorata, amma in idonsa ya yi shawara ko amai ya ƙi tsayawa ko ganinsa ya canza ya dawo a ranar.

Da yake kogo ne muka ce ya kawo duk wanda suke kwana ɗaki ɗaya. Matarsa da babban yaron ba su da komai. Ƙaramar, shekara uku, uwar ta ce ba ta wani tari sosai sai dai ta daina wasa kuma awonta ya tsaya wata uku. Hoton farko tana kuka ta karkace, muka ƙi karɓa aka sake har da na gefe. A na biyu gindin huhun dama ya cika ya turo, reshen bututun iska na dama ya ɗan matse. Gwajin kashinta bai nuna ba, kuma ba mu yi mamaki ba don tibin yara ƙwayoyinsa kaɗan ne, sau da yawa gwaji ba ya kamawa. A nan likita ya haɗa abu uku, tana kwana da mai tibi tabbatacce, ba ta ƙara nauyi, ga kaluluwa a hoto mai kyau, ya yanke a yi mata cikakken magani. Kun ga a uban gwaji ne ya yanke hukunci, a 'yar kuma hoto ya ɗauki nauyi mai yawa, amma ko ita sai da aka gwada, kuma sakamakon uban ne ya nuna mana wane magani zai yi mata tunda daga wurinsa ta ɗauka.

A ƙarshen wata na biyu majinarsa ta washe, ya ƙara kilo huɗu. Da ya gama wata shida ya je da kansa ya sake ɗaukar hoto, ya dawo hankali a tashe wai an ce masa ramin yana nan, a ƙara masa magani. Muka jera tsohon da sabon a jikin fitila: gajimaren ya tafi, ɗige-ɗigen hagu sun ɓace, kogon ya ragu ya koma ɗan zobe mai siririn bango da zare-zare kewaye. Majinar wata na 5 da na 6 duk babu komai, ba tari ba zazzaɓi. Na ce masa ya warke, wannan tabo ne kuma mai yiwuwa da shi zai zauna. Na rubuta kwanan wata a bayan ambulan ɗin da cewa ya kammala magani, na ce ya adana hotunan biyu wuri ɗaya, duk ranar da ya sake yin dogon tari ko ya ga jini ya zo da su duka, kuma kar ya yarda kowa ya sake ɗora shi a kan maganin tibi saboda wannan zoben sai an gwada majinarsa tukuna.